Jimlar farko: yadda ake zaɓen maganar buɗe jawabi a cikin sakan 15

"Ni mataimakiyar shugaban makaranta ce. An ba ni minti 10 in yi wa iyayen yara magana a kan makarar ɗalibai da safe, kuma bayan rahoton ma'aji zan hau, lokacin da kowa ya gaji yana hira da na kusa da shi. Iyayen za su kai 200. Da wace magana zan fara da za ta sa su juyo su saurare ni tun a sakan 15 na farko?"

Malama, ki fara da duba agogo. Ki ɗauki kowace takarda ki karanta ta a bayyane, a natse, da irin muryar da za ki yi wa cikakken zaure magana, ki tsaya idan sakan 15 ya cika. A gwajin da nake yi da waɗanda nake horarwa, abin da ake samu yana tsakanin kalma 30 zuwa 40, wato jimla biyu, ko uku idan gajeru ne. Iyakar jarinki ke nan. Da zarar mutum ya ga ƙanƙantar wannan fili da idonsa, sai ya daina tunanin zuba gabatarwa mai tsawo a ciki, domin ya gane cewa sunan taro da godiya ga shugabanni kaɗai sun isa su cinye shi.

Wanda ya zauna awa guda a kan kujera yana jin lissafin kuɗi ba kurma ba ne, yana jin duk abin da ake faɗa, amma ya mayar da muryar mai magana kamar ƙarar fanka. Idan sabon mutum ya miƙe, zai ɗan ɗago kai don ya ga ko wane ne, kuma a wannan ɗagowar yake yanke hukunci a ransa: wannan maganar ta shafe ni, ko in koma hirata? Ɗagowar nan kyauta kike samunta, ba ki yi komai ba aka ba ki. Aikin jimlar farko shi ne ta hana kan nan komawa ƙasa.

Abin da ke riƙe kunne

Abu biyu na ga suna aiki a kusan kowane zaure da na tsaya, kuma dukansu masu bincike sun yi magana a kansu.

Na farko, mutum yana jin abin da yake nasa ko da hankalinsa yana wani wuri. A 1959 wani masanin halayyar ɗan Adam mai suna Neville Moray ya sa wa mutane na'urar sauraro, kunne ɗaya yana jin wata magana, ɗayan yana jin wata dabam, ya ce su bi ta kunne ɗaya kawai. Kusan ba su iya tuna komai daga kunnen da suka ƙyale ba, amma da aka saka sunansu a ciki, kimanin kashi ɗaya cikin uku suka ji shi. Ba za ki iya kiran sunan mutum 200 ba. Sai dai a zaurenki akwai kalmar da ta kusa kai sunan kowa ƙarfi, ita ce ɗansa. Idan kika ce "matsalar makara a wannan makaranta", kin yi maganar makaranta, kuma makaranta taku ce ku ma'aikata. Idan kika ce "yaron da yake makara", kowane uba da kowace uwa fuskar nasu yaron za su gani.

Na biyu shi ne giɓi. A 1994 George Loewenstein ya bayyana cewa son sani yana tasowa ne idan mutum ya lura da tazara tsakanin abin da ya sani da abin da yake son ya sani. Wanda bai san komai a kan abu ba, ba ya jin ƙaiƙayin nan. Wanda yake ganin ya san komai, shi ma ba ya ji. A tsakiya ake kama mutum. Matsalarki ta musamman ita ce iyayen nan suna ganin sun gama sanin abin da za ki faɗa tun kafin ki buɗe baki: ku turo yara da wuri. Sun ji shi bara, sun ji shi bara waccan. Don haka jimlarki sai ta ɗauki abin da suka sani, ta nuna musu wani gefensa da ba su taɓa lissafawa ba.

Malaman balaga sun daɗe da ba wannan fasaha suna, suna ce mata bara'atul istihlali, wato mafarin magana ya kasance yana ɗauke da ƙanshin abin da za a faɗa. Misalin da na fi komawa gare shi shi ne huɗubar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ranar layya a Hajjin Bankwana. Ya tambayi jama'a wace rana ce wannan, wane wata ne, wane gari ne, abubuwan da ba wanda bai san amsarsu ba. Mai ruwayar hadisin, Abu Bakrata, ya ce bayan tambayar ya yi shiru har suka zaci zai kira abin da wani suna dabam. Sai da hankula suka taru sannan ya faɗi saƙon, cewa jinanenku da dukiyoyinku da mutuncinku haramun ne a tsakaninku kamar alfarmar wannan rana a wannan wata a wannan gari. Ki lura tambayoyin ba ado aka yi da su ba. Alfarmar rana da wata da gari ita ce ainihin ma'aunin da aka auna saƙon da shi.

Wannan shi ne abin da nake son ki riƙe fiye da komai. Jimlar farko daga cikin saƙon ake ciro ta. Shi ya sa nake hana ɗalibaina rubuta ta da farko. Ki gama tsara jawabinki, ki iya faɗin abin da kike so iyaye su aikata a jimla ɗaya, sannan ki shiga cikin abin da kika tsara ki nemo mafi nauyin gaskiyar da ke ciki ki ɗauko ta ki sa a baki. Wanda ya fara da neman abin burgewa yakan samo labari ko barkwanci mai daɗi wanda ba shi da dangantaka da maganarsa, jama'a su yi dariya, sannan ya ce "to yanzu bari mu shiga abin da ya tara mu", a nan take kawunan su koma ƙasa.

Mu gwada da taki maganar

Ga irin farawar da nake ji daga mutum tara cikin goma a ranar farko ta horo: "Kamar yadda mai gabatarwa ya faɗa, an ce in ɗan yi tsokaci a kan makara. Na san kun gaji, ba zan ɗauki lokacinku ba." Mai wannan magana ladabi take nufi. Abin da zaure ya ji kuwa shi ne: ba ita ta so yin maganar ba, maganar ba ta da nauyi, kuma ta kusa ƙarewa, don haka ba asara idan an ci gaba da hira. Sakan 15 ya tafi ba ta ba su dalili ko ɗaya na saurare ba.

Gwaji na biyu, tambaya: "Su wane ne a cikinmu yaransu suke makara?" Tambaya tana da ƙarfi, amma wannan tana neman mutum ya tona asirin kansa a gaban jama'a. Ba wanda zai ɗaga hannu, kuma shirun da zai biyo baya ke zai yi wa nauyi. Na taɓa faɗa wa wannan rami a wani taron ma'aikata da aka gayyace ni, na ce duk wanda ya taɓa ɓoye kuskurensa a wurin aiki ya ɗaga hannu, alhali shugabansu yana zaune a layin gaba. Ba hannun da ya motsa, kuma sai da na shafe kusan rabin lokacina kafin suka sake sakin jiki da ni. Tun daga ranar ƙa'idata ita ce, tambayar buɗewa ko dai ta zama wadda ake amsawa a zuci, ko wadda amsa ta ba ta jawo wa kowa kunya.

Gwaji na uku, zargi kai tsaye: "Har yaushe za mu ci gaba da jure wannan sakaci?" Wannan tsohon salo ne. Da irinsa Cicero, shahararren ɗan siyasar Rum, ya buɗe jawabinsa a majalisar dattawan Rum a shekara ta 63 kafin haihuwar Annabi Isa, ya fuskanci Catilina, wanda ake zargi da ƙulla makircin kifar da gwamnati, ya tambaye shi har yaushe zai ci gaba da wasa da haƙurinsu. Ya yi aiki a can domin mutum ɗaya ake tuhuma, kuma Cicero yana neman ya haɗa kan sauran zauren a kansa. Ke kuwa waɗanda za ki zarga su ne waɗanda kike neman taimakonsu. Za su saurara, babu shakka, amma sauraron mai shirya martani, kowa yana tattara uzurinsa a zuci: nisan gida, rashin abin hawa, yara huɗu da za a shirya.

Yanzu mu shiga cikin saƙon mu tono. Me makara take jawo wa yaro, a lissafe? A ce yaro yana makara da minti 15 kullum. A kwana biyar minti 75 ke nan. Idan zangonku mako 12 ne, ya zama minti 900, wato awa 15. Idan darasinku minti 40 ne, minti 900 ya haura tsawon darasi 22. Ki sake lissafin da ainihin alƙaluman makarantarku, kada ki ɗauki nawa. Yanzu kina da hanya uku ta faɗin gaskiya ɗaya: minti 900, awa 15, ko darasi 22. Minti 900 ba shi da hoto a zuciyar mutum. Awa 15 yana da daɗin faɗa domin lambarsa ɗaya ce da ta minti 15 ɗin, amma wani zai ce a ransa ai bai kai kwana guda ba. Darasi 22 shi na zaɓa, domin uban da yake ɗawainiyar karatun ɗansa ya san abin da ake nufi da darasi, kuma ya san an koya wa sauran yara wani abu a cikinsa.

Ga jimlar: "Yaron da yake makara da minti 15 kullum, kafin zangon nan ya ƙare ya yi asarar lokacin darasi 22." Ba ta zargi kowa ba, ta fara da yaro, kuma ta haɗa ƙaramin abin da iyaye suka raina da babban abin da ba su taɓa lissafawa ba. Giɓin ke nan. Wani zai ce a ransa anya kuwa, kuma wannan "anya" ita kike nema, domin mai cewa anya yana jiran ki kawo hujja.

Sauran sakan ɗin na jimla ta biyu ne, kuma aikinta dabam ne. Ta farko ta tayar da hankali, ta biyu ta gaya musu inda za a je da kuma matsayinki a wurinsu: "Na zo da gyara biyu da za su dawo masa da su, ɗaya a hannunmu yake mu malamai, ɗaya a hannunku." Ki lura na sa na malamai a gaba. Wannan ɗan jeri shi yake sauke garkuwar da iyaye suka ɗaga tun da suka ji an ambaci makara. Sai dai sharaɗinsa shi ne gyaran nan na ɓangarenku ya kasance da gaske akwai shi, ko buɗe ƙofa da wuri ne, ko malamin darasin farko ya riga yara shiga aji. In babu, kada ki faɗa.

Akwai wata hanyar da ita ma za ta iya yi miki, wato farawa da hoto: "Ƙarfe takwas da kwata na kowace safiya ina tsaye a bakin ƙofa, ina kallon yaran da suke shigowa da gudu, jaka tana dukan bayansu, sun san an riga an fara darasi babu su." Wannan ta fi taɓa zuciya, ta lissafin kuma ta fi saurin kama kunne. Da a farkon taro za ki yi magana, zaure yana shiru, da hoton zan ba ki shawara. Amma labari yana buƙatar a ji shi tun daga kalmar farko, kuma ke cikin hayaniya za ki hau. Wanda ya rasa rabin farko na labari ya rasa shi duka, alhali "darasi 22" ko shi kaɗai mutum ya tsinta zai juyo ya tambayi na kusa da shi me aka ce. Wata za ta ce ai sun gaji da alƙaluma bayan rahoton ma'aji. Gaskiya ne, shi ya sa naki guda biyu ne kawai, kuma ba a kan kuɗi ba, a kan yaro. Ki ajiye hoton ƙofar ki shigo da shi a minti na biyu.

Gaisuwa fa?

Ba zan ce ki tsallake ta ba. A zauren da ake jiran gaisuwa, wanda ya tsallake ta ya jawo hankali, amma zuwa ga rashin ladabinsa. Abin da nake koyarwa shi ne a raba gaisuwa da buɗewa. Ki gaida jama'a da shugabanni a numfashi ɗaya, ba tare da jera mutum goma da muƙamansu ba tunda mai gabatarwa ya riga ya yi wannan, sannan ki rufe baki. Ki ƙirga uku a zuci. Jama'a sun ɗauki gaisuwa a matsayin ƙwanƙwasa ƙofa, sakan 15 ɗinki na gaskiya daga bayan shirun nan yake farawa. Godiya ga wanda ya gayyace ki da yabon ƙoƙarin kwamiti suna da wurinsu a ƙarshe, kuma a can sun fi daraja.

Shirun nan yana da wuya fiye da yadda ake zato. Sakan uku a gaban mutum 200 kamar minti guda yake ga mai tsaye, shi ya sa yawancin mutane suke cike shi da "to", da "eh", da gyaran murya. Amma zauren da ya saba jin murya tana zuba daga lasifika, da zarar ta ɗauke sai masu hira su ji tasu muryar ta fito fili, su yi shiru da kansu su duba abin da ya faru. A wannan lokacin za ki saki jimlar.

Kafin baki ya buɗe

A 1993 Nalini Ambady da Robert Rosenthal sun nuna wa wasu mutane gajerun hotunan bidiyo na malaman jami'a suna koyarwa, sakan 10 sau uku ga kowane malami, kuma babu sauti. Hukuncin da baƙin nan suka yanke a kan malaman ya yi kusa ƙwarai da wanda ɗalibansu suka yanke bayan cikakken zangon karatu. Ba a ji ko kalma ɗaya ba. Abin da na ɗauka daga nan shi ne, tafiyarki zuwa gaba da tsayuwarki suna cikin buɗewar.

Saboda haka jimla biyun nan ki haddace su, ko da sauran jawabin a takarda yake. Mai karanta jimlar farko goshinta jama'a suke gani. Ki gwada makirfo kafin a fara taro, ki san nisan da ya dace da bakinki, domin kada kalmarki ta farko ta zama "ana ji na?". Ki tsaya cak da ƙafa biyu kafin ki yi magana, kada ki fara kina tafe. Ki zaɓi mutum ɗaya a layin baya ki faɗa masa jimlar, domin muryar da aka aika baya tana ratsa kowa, wadda aka ba layin gaba a nan take tsayawa. Kuma ki rage gudu a kan "darasi 22", ki ɗan dakata bayansa kafin jimla ta biyu. Fargaba tana sa mutum ya haɗiye ƙarshen jimla, nan kuwa nauyin taki yake.

A gida ki faɗe ta a bayyane sau goma ko fiye, a tsaye. Sannan ki sami wanda ba malami ba, yana cikin wani aiki, ki faɗa masa ita sau ɗaya ba tare da share fage ba. Idan ya ce "kamar yaya?" ko "da gaske?", ta yi. Idan ya ce "haka ne" ya ci gaba da aikinsa, ba ta buɗe giɓi ba, ki koma ki sake tono. Idan ya ce ki maimaita domin bai gane ba, ta yi tsawo ko alƙaluman sun yi yawa.

A zauren ma za ki gane. Idan ta kama, hirar gefe takan mutu daga gaba zuwa baya, ki ga wani ya taɓa na kusa da shi, wayoyi su sauka kan cinya. Wani lokaci ɗan gunaguni ne zai tashi, kada ya tsorata ki, lissafin suke yi. Idan kuwa kika faɗa hayaniya ba ta ragu ba, kada ki ɗaga murya ki wuce gaba, kuma kada ki roƙi a yi shiru. Ki tsaya, ki maimaita jimlar nan daidai yadda take, a hankali fiye da na farko. Maimaitawa ɗaya tana aiki. Ta biyu roƙo ce, don haka daga nan ki ci gaba da waɗanda suke saurare.

Ban san iyayen makarantarki ba, ke kika san su, kuma akwai abin da zai iya rushe duk shawarar nan. Idan akwai wani ɓacin rai da ke cin su a ranar, misali rahoton ma'aji ya zo da ƙarin da bai yi musu daɗi ba, to babu jimlar da aka shirya a gida da za ta ratsa wannan. Sai ki fara taɓa abin da ke ransu da jimla ɗaya ta gaskiya, ki ce kin ji abin da aka tattauna kuma ba shi ya tayar da ke ba, sannan ki yi shirunki ki kawo taki. Haka nan idan yawancin masu makarar matsalar abin hawa ce ba ta shiri a gida ba, lissafin darasi 22 zai yi musu ciwo ba tare da ya ba su mafita ba, sai gyaran da kika yi alkawari a jimla ta biyu ya taɓo wannan. Kuma abin da jimlar farko take saya miki bai wuce minti ɗaya na sauraro ba. A cikin mintin nan dole ki nuna musu yadda minti 15 ya zama darasi 22, a bayyane, mataki mataki, yadda wanda ya ce anya zai bi lissafin da yatsunsa. Ki ɗauko rajistar makara ta zangon da ya wuce tun yau, ki fitar da ainihin matsakaicin mintocin, domin idan wani uba ya miƙe ya tambayi inda kika samo adadin, amsar tana hannunki a rubuce.